Wasan da ke tsinkewa a waya: yadda ake rage kiran zane a Unity

Wasan waya da ke tafiya sumul yana sauya hoton da ke kan allo sau 60 a daƙiƙa ɗaya, ko aƙalla sau 30. Idan sau 60 ne, kowane hoto yana da abin da bai kai milisakan 17 ba a gama shi tun daga farko har ƙarshe. Da zarar an wuce wannan wa'adi, mai wasa zai ga motsi yana tsinkewa, wayar kuma ta ɗau zafi. Sabon maƙerin wasa yakan ɗora laifin a kan girman hotuna ko yawan ado. Sau da yawa ba nan matsalar take ba. Tana wajen yawan aiken da ake yi tsakanin sassa biyu na na'urar.

Sassan su ne CPU, wanda ke tafiyar da lissafin wasan, da GPU, wanda ke zana abin da ido zai gani. GPU ba ya zana komai sai an umarce shi. Kowane abu da ke cikin fage, gida ne ko bishiya ko kujera, sai CPU ya aika masa saƙo cewa ga siffar, ga inda za ta tsaya, zana ta. Wannan saƙon shi ne kiran zane. Siffar kanta raga ce ta ƙananan alwatika da aka ɗinke a wuraren da za mu kira ƙulli. Abin da ke ba ragar launi da ƙyalli kuma shi ne matiriyal, wanda ya haɗa hoton da ake lulluɓa mata da ɗan shirin da ke lissafa yadda haske zai sauka a kanta.

Ba duk kira ne ke da tsada ɗaya ba, kuma wannan ne abin da ya fi cancanta a riƙe. Tela da ke da riguna ashirin masu zare iri ɗaya zai yi ta ɗinki ba tsayawa. Amma idan kowace riga da nata launin zaren, rabin yininsa zai tafi wajen zare wannan da zura wancan. Haka GPU yake: zana abu na biyu da matiriyal ɗin da ke hannu abu ne mai araha, sauya matiriyal shi ne ke cin lokaci. Manhajar Unity, wadda ta fara fitowa a 2005, tana nuna lissafin biyun daban. A tagar `Game` akwai maɓallin `Stats`. Layin `Batches` yana ƙirga ƙunshin aiken da aka tura, layin `SetPass calls` kuma yana ƙirga sau nawa aka sauya shirin zanen. Na biyun ya fi ciwo, musamman a ƙananan wayoyin Android irin waɗanda suka cika aljihun jama'a a Kano da Maraɗi.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce an gina titin wani gari a tsohon tsarin zane na Unity, wato `Built-in Render Pipeline`. Akwai gine-gine guda 300, katanga da rumfa da ƙofa da makamantansu, kowanne da ƙulli kusan 500, an raba su tsakanin matiriyal 16. Akwai kuma bishiyoyi 800, duka kwafin bishiya ɗaya ce mai ƙulli 1,500, wadda gangar jikinta ke da matiriyal ɗaya, ganyenta da wani. Tunda kowane matiriyal a jikin abu kiransa daban, bishiyoyin kaɗai sun ci kira 1,600. Haɗa da gine-ginen, an tashi da 1,900 idan kyamara na kallon duka, kuma wannan kafin a kunna inuwa, wadda ke sa a sake zana abubuwan daga ɓangaren fitila.

Gine-ginen ba sa motsi, don haka maganinsu a bayyane yake. A zaɓe su, a sa alama a akwatin `Static` da ke saman `Inspector`, a kuma tabbatar `Static Batching` a kunne yake a `Project Settings > Player`. Lokacin da ake harhaɗa wasan, Unity zai kwashe ragar kowanne, ya lissafa ainihin wurin kowane ƙulli a cikin fagen, ya narka su cikin manyan ragogi. Sharaɗinsa ɗaya: masu matiriyal iri ɗaya kaɗai ake turawa tare. Saboda haka kira 300 zai sauko kusan 16. Bayan haka ba za a iya matsar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Ƙofar da ake so ta buɗe idan ɗan wasa ya taɓa ta dole a bar ta waje.

Sauran 16 ɗin su ne aikin atalas. Idan bambancin matiriyal ɗin bai wuce hoton da ke jikinsu ba, wannan bulo, wancan langalanga, wancan katako, babu dalilin da zai sa su zama 16. Hoto 16 masu faɗi da tsawo 512 suna shiga daidai cikin babban hoto ɗaya mai 2048 a kowane gefe. Sai a koma manhajar da aka sassaƙa ragogin, irin su Blender, a gyara taswirar UV ta kowane gini, wato lambobin da ke gaya wa kowane ƙulli wane ɓangaren hoto ne nasa. Yanzu matiriyal ɗaya ya ishi titin gaba ɗaya. Ƙunshi ɗaya ba ya wuce ƙulli 64,000, mu kuma muna da 150,000, to a takarda an koma ƙunshi 3. A zahiri yakan ɗan haura haka, domin abin da kyamara ba ta gani ana tsallake shi, tsallaken kuma na iya raba ƙunshi biyu, haka ma gine-ginen da haskensu ya faɗa cikin taswirar haske daban-daban.

Atalas na da cizo guda biyu da suke kama kusan kowa a karon farko. Na ɗaya, doguwar katanga da ake maimaita hoton bulo a kanta sau goma ba za ta ƙara maimaituwa ba; idan ta zarce iyakar yankinta, sai ta shiga hoton maƙwabci, ka ga katako a tsakiyar bulo. Irin wannan katangar gara a bar mata nata matiriyal, ko a yanka ragarta gunduwa-gunduwa. Na biyu ya fi wuyar ganewa, domin daga kusa komai lafiya. Sai kyamara ta ja baya sannan wani siririn layi mai baƙon launi ya bayyana a gefen gini. Dalilin shi ne GPU na amfani da ƙananan kwafin hoton idan abu ya yi nisa, kuma wajen ƙanƙanta hoton launukan da ke maƙwabtaka suna zuba cikin juna. Maganin shi ne a bar tazara tsakanin hotunan, a cike ta da launin gefen kowanne. Ma'ana, lissafinmu na 16 daidai-wa-daida ya yi matsi. Sai an ɗan rage girman kowane hoto kafin tazarar ta samu wuri.

Yanzu bishiyoyi. Su ma ba sa motsi, kuma hannu yakan yi saurin kai musu alamar `Static`. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi tsada a wannan aiki, domin lambar `Batches` za ta faɗi, mutum ya yi murna, alhali ya sayi matsalar da ba ta fito a wannan layin ba. Narka ragogi yana nufin kowace bishiya ta samu nata cikakken kwafin. Ƙulli ɗaya mai ɗauke da wurinsa, da fuskar da yake kallo, da sauran bayanan haske da na UV yakan ci bayit 48. Bishiya ɗaya ke nan kusan kilobayit 72. Sau 800 kuwa, ƙulli miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne, sama da megabayit 57 na ma'adanar waya, a kan abin da asalinsa guda ɗaya ne. Fayil ɗin wasan ma ya kumbura, mai saukewa ya biya da datarsa.

Abin da ya dace da su shi ne a tura ragar sau ɗaya tare da jerin wurare, a ce wa GPU ya zana ta a kowane wuri. Ana kunna wannan a jikin matiriyal, a akwatin `Enable GPU Instancing`. Sharaɗinsa ya fi na baya tsauri: raga ɗaya da matiriyal ɗaya, ba kama ba, ita ɗin dai. Amma juyi da girma na iya bambanta, abin ma yana iya motsi. Kowane ƙunshi na ɗaukar kwafi ɗari da wani abu zuwa 'yan ɗaruruwa gwargwadon na'ura, don haka 1,600 ɗin nan zai koma 'yan kaɗan da ba su kai hamsin ba. Sai dai Unity na fifita `Static Batching` a kan wannan. Bishiyar da aka bar wa alamar `Batching Static` za a narka ta ne, ko da akwatin matiriyal ɗinta a kunne yake. Dole a cire alamar. Mutane da dabbobi masu ƙasusuwan motsi, masu amfani da `Skinned Mesh Renderer`, ba sa shiga wannan hanya.

Akwai layi ɗaya da kan rushe duk wannan a ɓoye. Mai shirin yana so ganyen ya bambanta kaɗan, sai ya rubuta:

```csharp
GetComponent<Renderer>().material.color = Color.green;
```

Taɓa `material` kawai yana sa Unity ya yi wa wannan bishiyar sabon kwafin matiriyal nata ita kaɗai. Bishiya 800, matiriyal 800, an koma gidan jiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi matiriyal uku masu kore iri uku tun farko a rarraba su. Mai son launi daban ga kowace kuma sai ya yi amfani da `MaterialPropertyBlock`, bayan ya bayyana launin a cikin `Shader` a matsayin abin da ke sauyawa daga kwafi zuwa kwafi.

Ba sai an yi ta canke ba idan lamba ta ƙi sauka. A buɗe `Window > Analysis > Frame Debugger`, a danna `Enable`. Wasan zai daskare, a ga jerin kiran ɗaya bayan ɗaya, kuma a ƙarƙashin kowanne an rubuta dalilin da ya hana haɗa shi da wanda ya gabace shi: matiriyal ne ya bambanta, ko raga, ko taswirar haske. Wanda ke aiki da sabon tsarin `URP` zai tarar da wani abu daban, `SRP Batcher`, wanda ba ya rage yawan kiran, yana dai rage tsadar sauyi a tsakaninsu, kuma shi ma yana gaban `Enable GPU Instancing` a fifiko. A can, babbar lamba a layin `Batches` ba lallai ta zama cuta ba.

Duk wannan aikin nauyin CPU yake saukewa. Idan GPU ne ke haki, saboda yawan ganye masu ratsa juna ko inuwa mai nauyi, rage kira ba zai ƙara saurin komai ba. Shi ya sa ake fara haɗa ainihin wayar da kwamfuta, a harhaɗa wasan da `Development Build`, a buɗe `Profiler`. Idan aka ga CPU na ɓata lokacinsa a `Gfx.WaitForPresentOnGfxThread` alhali ɓangaren da ke tura kiran shi ma zaman jira yake, GPU ake jira, kuma gyaran yana wajen ganye da inuwa.