Rami a zuciyar yaro: me ya sa wani ke yin shuɗi, wani kuma sai haki da rama?

Cikin jarirai dubu da ake haifa, kusan takwas zuwa tara na zuwa da wata tawaya a halittar zuciya. Iyaye kan ji kalma ɗaya daga bakin likita: “akwai rami.” Sai dai ramin nan ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da ke raba su shi ne inda jini ya dosa idan ya bi ta cikinsa.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu sama, biyu ƙasa, da bango a tsakiya. Ɓangaren dama na tura jinin da jiki ya gama amfani da shi zuwa huhu ya ɗauko iska. Na hagu, wanda ya fi ƙarfi, shi ke watsa jan jinin da ya dawo zuwa ko'ina a jiki.

A ɗauki jaririn da ke da babban rami a bangon ɗakunan ƙasa. Ranar suna lafiyarsa lau, domin jijiyoyin huhunsa ba su gama sakewa ba, jini kaɗan ke ƙetarawa. Daga mako huɗu zuwa takwas sai hanya ta buɗe, jan jini ya riƙa kwarara daga hagu zuwa dama, yana komawa huhun da ya riga ya baro. Huhu ya cika, zuciya ta yi ta aikin banza. Yaron ba ya sauya launi. Numfashinsa ke yin sauri. Ya kama nono ya saki, gumi na tsattsafowa a goshinsa, ana zuwa awo nauyi ba ya ƙaruwa. Tari da ciwon haƙarƙari su yi ta dawowa, a yi ta sayen siro. Ɗan ƙaramin rami kuwa, duk da ya fi ƙara a kunnen likita, sau da yawa da kansa yake toshewa. Ramin ɗakunan sama ma ya fi laƙwasa: wani sai ya girma ake gano shi.

Jariri mai shuɗi labarinsa daban ne. Mafi shahara shi ne ciwon da likitan Marseille, Étienne-Louis Fallot, ya bayyana a 1888. Nan ma akwai rami, amma hanyar da ke kai jini huhu ta ƙuntata. Da jinin dama ya tarar da ƙofa a matse, sai ya bi ramin zuwa hagu, ya shiga jiki bai ɗauko iska ba. A baƙar fata ba a kumatu ake gani ba, sai an duba harshe, dasashi, cikin leɓe da ƙarƙashin farce. Ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro ke yawan jawowa, yakan ɓoye launin gaba ɗaya. Ƴar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta fi ido gaskiya: lafiyayyen yaro na nuna 95 zuwa sama, mai wannan ciwo kan tsaya ƙasa da 90.

Irin wannan yaro, yana cikin kuka ko yunƙurin kashi, sai leɓensa ya yi duhu, numfashi ya yi zurfi, jiki ya saki, har ya suma. A gida akan ce farfaɗiya ce ko iska. Abin yi nan take shi ne a naɗe gwiwoyinsa a manna su da ƙirji, a rarrashe shi, a nufi asibiti. Naɗewar na ƙara matsi a jijiyoyin jiki, jini ya fi samun hanyar huhu. Shi ya sa wanda ya fara tafiya yake tsugunnawa da kansa tsakiyar wasa, ba wanda ya koya masa.

Mai shuɗi yakan tsorata iyaye su nemi taimako da wuri. Mai haki ne ake yi wa sakaci, alhali shi ma lokaci na ƙure masa. Idan aka bar babban rami shekaru, jijiyoyin huhu na kauri su taurare, matsi ya hau, jini ya juya daga dama zuwa hagu. Hakin ya ragu, iyaye su ɗauka sauƙi ne ya samu, sannan shuɗi ya bayyana. A wannan mataki rufe ramin ba ya yiwuwa kuma, don zai iya kashe yaron. Saboda haka likitoci ke son a rufe babban ramin ƙasa tun cikin shekarar farko.

Maganin rage ruwa na sassauta numfashi kafin tiyata, amma ba ya toshe rami. Sauraren ƙirji ma bai isa ya faɗi ko wane iri ne ba. Hoton ekografi na zuciya ne ke nuna wurin ramin, faɗinsa da inda jini ke bi. Ɗan'uwan da ke Agadas, Legas ko Aljeriya, idan an kira shi karo na uku kan kuɗin maganin tarin jariri ɗaya, ya dace ya tambaya ko nauyin yaron na ƙaruwa, ko kuma an taɓa yi masa wannan hoto.