Neman Gurbin Koyon Aiki ta Imel: Faɗi Ranakunka Tun Farko

Ɗalibin da ke neman koyon aiki a gidan rediyo, alhali lacca ta cinye masa mako, yakan ɓoye ƙarancin lokacinsa don kada a ƙi shi. Kuskure ne. Editan da ba zai biya ka albashi ba ya san ba kullum zai gan ka ba. So yake ya san yaushe za ka zo.

A kan saƙon, sa sunanka da sashen da kake so, misali ɗakin labarai. Bayan gaisuwa, faɗi makarantarka da ajinka, sai ka shiga zancen lokaci: "Ina da sarari Talata da Alhamis daga ƙarfe 2 zuwa 6, da Asabar sukutum, har wata uku, ban da makon jarrabawa." Wannan ya fi "duk lokacin da kuka neme ni", alkawarin da ba ya kai mako biyu.

Kuɗin mota fa? Tambayarsu ba rashin kunya ba ne, amma bar shi sai layin ƙarshe. Haɗa takardar tarihin karatunka a PDF, da rahoto ɗaya da ka taɓa rubutawa. In mako ya wuce shiru, sake tuntuɓa sau ɗaya.