Tambari ɗaya, riga huɗu

Mai sayar da zuma da ke son tambari daga manhajar zana hoto ba hoto ɗaya take bukata ba. Tana bukatar wanda zai hau farar takardar rasit, da wanda zai hau baƙar leda, da alama zalla ta hoton WhatsApp, da dogo a kwance na allon shago. Matsalar ita ce yawancin manhajojin nan zane sabo suke yi a kowane umarni. Ka sauya kalma biyu, sai su ba ka tambarin da ko kama da na farko bai yi ba.

Maganin shi ne a rubuta jigon bayani guda, a riƙa kwafa shi yadda yake cikin dukkan umarni huɗun. A misalinmu jigon zai ce: siffa mai kusurwa shida irin ta saƙar zuma, da ɗigo ɗaya a tsakiya, launinta #F4A300, kalmar ZUMA da manyan haruffa masu kauri, launinsu #1B4332, zane shafaffe, ba inuwa, ba ƙyalli. Lambar launi ta fi cewa “kore mai duhu”, domin kore iri-iri ne, ko da yake manhajar kan ɗan kauce ko da an ba ta lambar. Layin ƙarshe kaɗai ke sauyawa.

Na farin fage ba wuya: fage #FFFFFF, alama a sama, suna a ƙasa. Na fage mai duhu ne ke kayar da mutane. Kada a ce “juya launuka”, don ruwan zumar zai koma shuɗi. A faɗi komai dalla-dalla: fagen ya zama #1B4332, rubutun ya koma fari, alamar ta tsaya da launinta. In aka manta da rubutun, kore zai hau kan kore, sunan ya ɓace.

Ga alama zalla, a cire jimlar suna daga jigon gaba ɗaya, sannan a ƙara “babu rubutu”. A nemi fage mai murabba’i da fili a kewaye, tunda WhatsApp yana yanke hoto zuwa da’ira. A ƙanƙanta ta kamar farcen yatsa. In ɗigon ya narke cikin siffar, layukan sun yi siriri.

Na kwance kuwa, alama a hagu, suna a dama a layi ɗaya, tsakiyarsu a daidai. A Midjourney ana ƙara `--ar 3:1` don faɗi ya ninka tsayi sau uku.

Idan manhajar tana karɓar hoto, a ɗora wanda aka zaɓa tare da sauran umarnin. A kuma duba haruffa ɗaya bayan ɗaya, musamman ƙ da ɗ da ɓ, don lanƙwasarsu kan ɓata. Kafin a kai wa mai buga allo, a ba mai zane ya sake tambarin a tsarin SVG, wanda ba ya dishewa komai girman da aka yi masa.