Gyara Wasiƙar Gayyatar Ɗan'uwa: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A ce kuna zaune a Manchester, kuna so mahaifiyarku ta zo daga Kano bikin suna. Kun rubuta wasiƙa cike da gaisuwa da addu'a, amma jami'in biza wasu bayanai yake nema a cikinta.

Mece ce wasiƙar gayyata?

Takarda ce da mai masauki yake rubutawa, baƙo ya haɗa da takardunsa na neman biza, wato izinin shiga ƙasa. Ba ita ke ba da biza ba. Aikinta ta bayyana wanda zai zo, dalilin zuwansa, inda zai sauka da wanda zai ɗauki nauyinsa.

Me za ku gyara?

Ku fara da suna. Ku cire "Hajiyarmu", ku rubuta sunanta harafi da harafi yadda yake a fasfo, da ranar haihuwarta da lambar fasfon. Sau da yawa a wajenmu uwa da ɗa sunansu na ƙarshe ba ɗaya ba ne, domin kowa sunan mahaifinsa yake ɗauka. Don haka ku faɗi dangantakar a fili, ku haɗa da takardar haihuwarku mai ɗauke da sunanta.

Sai lokaci. Idan kun rubuta "za ta ɗan kwana biyu", jami'i bai san ko wata nawa kuke nufi ba. Ku ce za ta iso 3 ga Yuni, ta koma 15 ga Yuli. Bizar baƙunci ta Birtaniya kan ba da damar zama har wata 6, amma ku rubuta ainihin abin da kuka shirya, kuma ya yi daidai da abin da ta cike a fom ɗinta.

Ku sa cikakken adireshinku, lambar waya, aikinku da matsayin zamanku a ƙasar. "Zan ɗauki nauyin komai" bai isa ba. Ku fayyace: tikitin jirgi, abinci, masauki, sannan ku haɗa da takardar banki da ta albashi. Ku ambaci abin da zai mayar da ita gida, kamar miji, sana'a ko aiki, amma hujjar wannan ita za ta gabatar.

Ku yi hattara da batun reno. Idan kun ce za ta riƙe jariri domin ku koma bakin aiki, ana iya ɗauka aiki ta zo yi, kuma ba a yarda baƙo ya yi aiki ba.

Nawa ake kashewa?

Wasiƙar ba a biya mata komai, kwanan wata da sa hannunku kawai take buƙata. Kuɗin biza kuwa ba a mayarwa idan an ƙi, kuma bayanin ƙarya na iya jawo hana shiga ƙasar har shekara 10.

Haka yake a ko'ina?

A'a. Mai gayyatar ɗan'uwa daga Maradi zuwa Faransa, idan a gidansa baƙon zai sauka, sai ya karɓo takardar shaidar masauki daga ofishin magajin gari, ya aika masa da ainihinta.