"Tilasta Ni Aka Yi" Ba Ta Wanke Jinin Wanda Bai Ji Ba Bai Gani Ba

Duk lokacin da jami'an tsaro suka jera waɗanda ake zargi da hannu a garkuwa da mutane ko harin ƙauye, sai ka ji magana ɗaya tana fitowa daga baki daban-daban: "Wallahi tilasta ni suka yi, ba yadda zan yi." Mai kai wa 'yan bindiga fetur da ita yake kare kansa, infoman da ya nuna gidan maƙwabcinsa ita yake kamawa, har wanda ya ɗana kunamar bindiga da yatsansa ita yake faɗa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda mu da ke sauraro a majalisa muke gyaɗa kai, wani ma ya ƙara da cewa ai larura tana halatta haram. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an ambaci tilas, shari'a ta naɗe tabarmarta. Wannan fahimta ta kai mutane gidan yari, kuma ta sa an binne waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Doka ta san da tilas, amma ƙofar da ta buɗe masa ƙanƙanuwa ce. Sashe na 57 na kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, shi ne ya yi maganar wanda aka tursasa da barazana. Wasu jihohi sun sabunta kundinsu, lambar sashen na iya canzawa, amma ma'anar tana nan. Kafin uzurin ya karɓu, dole barazanar ta kasance ta kisa, kuma kisan nan take, irin wanda mai hankali zai gaskata cewa in ya ƙi, yanzu-yanzu ransa zai tafi. "Za mu kore maka shanu" ba ta isa ba. "Za mu ƙone maka rumbu" ba ta isa ba. "Za mu dawo gare ka bayan sallah" ita ma ba ta isa ba, domin tsakanin yau da sallah akwai hanyar zuwa ofishin 'yan sanda, akwai mai gari, akwai tashar mota. Sannan dole ya kasance ba kai ka kai kanka wurin da aka matsa maka ba.

Kundin namu ya samo asali ne daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860, kuma na Indiyan ya kawo misalin da ya fayyace komai. Maƙeri ne 'yan fashi suka kama, suka ce ya ɗauko kayan aikinsa ya ɓalle musu ƙofar wani gida ko su kashe shi a wurin. Wannan maƙerin doka ta yafe masa. Amma wanda ya shiga cikin 'yan fashin da ƙafarsa, yana sane da ko su wane ne, ko da tsoron duka ne ya sa shi shiga, ba shi da bakin cewa an tilasta shi a kan abin da suka sa shi daga baya.

A nan yawancin infomomi suke faɗuwa. Yaro ya fara da sayo wa mutanen daji katin waya da burodi, ana ba shi canji yana murna. Bayan wata uku ya koma kai fetur a jarka. Ranar da suka ce ya faɗa musu wane ne ya sayar da hatsi a kasuwar jiya, sai ya tuna cewa mutanen nan suna da bindiga. To, ina bindigar take ranar da kake karɓar canjin? Alƙali zai tambaya tun yaushe kake hulɗa da su, sau nawa ka koma gida ka kwana lafiya, nawa ya shiga asusunka, wa ka faɗa wa. Wanda ya yi wata shida yana zirga-zirga tsakanin gari da daji a kan babur ɗinsa ba zai gamsar da kowa cewa wuƙa na wuyansa duk tsawon lokacin ba.

Ko da duk sharuɗɗan sun cika, sashen da kansa ya ware kisan kai daga uzurin tun a farkon jimlarsa. Mu ɗauka an sace mutum a gona, bai taɓa sanin mutanen ba, aka ɗora masa bindiga a ƙeya, aka miƙa masa wata aka ce ya harbi ɗan'uwansa da ke ɗaure. Babu shakka barazanar ta gaske ce, kuma ta nan take ce. Da cewa aka yi ya ɗauki buhun sata ko ya ɓalle shago, da ya tsira. Amma in ya harba, doka za ta tuhume shi da kisan kai, kuma hukuncin kisan ganganci a sashe na 221 kisa ne. Abin da ya rage masa shi ne neman sassauci daga gwamna, wanda tsarin mulki ya ba ikon yin afuwa, kuma wannan alfarma ce, ba haƙƙinsa ba ne. A Ingila ma haka abin yake: kotun ƙoli ta ƙasar ta yanke a 1987, a shari'ar Howe, cewa tilas ba ya kare wanda ya yi kisan, ba ya kare wanda ya taimaka, sannan a 1992 aka haɗa da yunƙurin kisa.

Masu jingina da larura kuma, su ji labarin da ɗaliban lauya suke karantawa har yau. Bambancin larura da tilas shi ne a larura ba mutum ne yake maka barazana ba, hali ne ya matse ka: yunwa, gobara, ambaliya. A watan Yulin 1884 wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Mignonette, da ya taso daga Ingila zai tafi Ostireliya, ya nutse a tekun Atilantika, nesa ƙwarai da gaɓa. Mutum huɗu suka tsira a cikin ɗan kwalekwale: kyaftin Dudley, mataimakinsa Stephens, wani matuƙi Brooks, da yaron jirgi Richard Parker mai shekara 17. Ba su da ruwan sha. Guzurinsu gwangwani biyu ne na kayan lambu, sai wani kunkurun ruwa da suka kama, wanda ya ƙare a wajen kwana na goma sha biyu. Daga nan sai yunwa tsagwaronta. Yaron ya sha ruwan teku, ya kwanta ba ya iya motsi. An kawo shawarar jefa ƙuri'a, Brooks ya ƙi, ba a jefa ba. A kwana na ashirin Dudley ya soke yaron a wuya da 'yar wuƙa, da amincewar Stephens. Su ukun suka rayu da namansa da jininsa, bayan kwana huɗu wani jirgin Jamus ya tsince su.

Da suka sauka a Falmouth, Dudley bai ɓoye komai ba. Da bakinsa ya ba da labari, yana ganin al'adar matuƙa ta ba shi kariya. Masu taya alƙali yanke hukunci sun yarda cewa da ba su ci ba, da wuya su kai ranar ceto, kuma da alama yaron ne zai riga kowa mutuwa. Ka ga larura ba ta wuce wannan. Duk da haka alƙalai biyar, ƙarƙashin Lord Coleridge, suka sami Dudley da Stephens da laifin kisan kai, aka yanke musu hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin wata shida. Tausayi ya shigo a wajen hukunci, amma sunan laifin bai canza ba.

Dalilin kotun shi ne ya kamata kowa ya riƙe. Wa zai auna rai da rai? Da wane ma'auni aka gano cewa ran yaron ya fi na kyaftin arha? An zaɓe shi ne don shi ne mafi ƙanƙanta, mafi rauni, wanda ba zai iya ɗaga hannu ba, kuma in aka buɗe wannan ƙofa, kullum irinsa za a zaɓa. Mai yanke hukuncin cewa larura ta kai kuma shi ne mai cin moriyar hukuncin. Ga shi ba wanda ya san gaibu: da jirgin ya zo washegari, da an kashe yaron a banza, da kuma bai zo ba sam, da kisan bai ceci kowa ba. A batun tilas akwai ƙarin dalili. In doka ta ce wanda aka tursasa ya yi kisa ba shi da laifi, ta miƙa wa shugabannin 'yan ta'adda hanya mafi sauƙi: su kama bayin Allah su riƙa sa su kisa, kowa ya fito ya ce umarni ne.

Masu cewa larura tana halatta haram, da sun ƙarasa karatun da sun ga iyakarta. Musulunci ya yarda mai jin yunwar mutuwa ya ci mushe gwargwadon abin da zai riƙe ransa. Ya yi rangwame ga wanda aka azabtar har ya furta kalmar kafirci alhali zuciyarsa na kan imani, kamar yadda ya faru da Ammar ɗan Yasir a Makka. Amma malamai sun haɗu a kan cewa tilas ba ya halatta kashe wanda bai yi laifi ba, domin ranka bai fi nasa daraja ba. Saɓaninsu a kan wanda za a yi wa ƙisasi ne kawai. A mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a nan, ana kashe wanda ya tilasta da wanda aka tilasta gaba ɗaya. Imam Abu Hanifa ya ce ƙisasi na kan wanda ya tilasta, amma bai ce wanda ya aikata ya kuɓuta daga zunubi ba.

Kada a haɗa wannan da kare kai. Wanda ya juya bindigar ya harbi mai yi masa barazana, maganarsa daban ce, domin wancan shi ne ya kawo harin, kuma doka da addini duk sun ba mutum damar kare ransa daga maharinsa. Ɗauraren da ke durƙushe a gabanka bai kawo maka hari ba.

Shawarata ga iyaye da matasan ƙauyukan da ke bakin daji ita ce a kula da aiken farko, domin shi ne yake rushe uzuri. In ɗanka ya fara shigowa da kuɗin da sana'arsa ba ta kawo ba, ko yana fita da jarka da daddare, ka tsare shi da tambaya tun yau, kada ka jira ranar da za ka gan shi a talabijin. Wanda kuma aka kama aka sa shi ɗaukar kaya ko nuna hanya da bakin bindiga, ranar da ya kuɓuta ya je ya ba da rahoto, da rakiyar mai unguwa ko wani dattijo, ya tabbatar an rubuta ranar da aka ɗauke shi, wurin da aka kai shi da abin da aka sa shi. In akwai rauni a jikinsa ya je asibiti ya karɓi takarda. Kada ya goge kira ko saƙon barazana daga wayarsa, kada ya taɓa ko sisin da suka ba shi, kuma ya nemi lauya kafin ya sa hannu a kan kowace takardar bayani. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tambayi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa da ke babban birnin jiharsa.