Fuska ɗaya, labari uku: abin da almakashin mai tace fim ke yi wa ɗan kallo

A shekarar 1964 wani gidan talabijin na ƙasar Kanada ya yi hira da Alfred Hitchcock, daraktan nan na Birtaniya da ya yi suna wajen finafinan ɗaga hankali. Da aka zo batun tace fim, sai ya kawo misali da fuskarsa. Aka nuna guntayen hoto uku a jere. Na farko, shi ne yana kallon wani abu da ba a gani. Na biyu, wata mata tana wasa da jaririnta. Na uku, shi ne kuma, yana murmushi. Duk wanda ya kalla zai ce wannan dattijon kirki ne mai son yara. Sai aka cire guntun tsakiya, aka sa na wata budurwa sanye da ɗan kayan wanka. Kallon nan bai canza ba, murmushin ma shi ne dai na ɗazu, amma yanzu dattijon ya koma tsohon banza.

Kirki da banzar duk ba sa cikin ko ɗaya daga guntayen. Ba sa cikin fuskar, tunda fuskar ɗaya ce, kuma ba sa cikin hoton matar, tunda dattijon bai fito a ciki ba. A mahaɗar guntayen suka samu, kuma ɗan kallo ne ya samar da su da kansa.

Masu harkar fim suna jingina wannan abu ga Lev Kuleshov, ɗan Rasha da aka haifa a 1899. Bayan juyin juya halin 1917 ɗanyen fim na ɗaukar hoto ya yi matuƙar wuya a ƙasar, saboda haka shi da ɗalibansa na makarantar fim ta Mosko, wadda aka buɗe a 1919, suka riƙa yanka tsofaffin finafinai suna sake jera su don su ga abin da zai fito. Rashi ne ya mai da su ƙwararrun almakashi.

Gwajin da ya fi shahara, kamar yadda ɗalibinsa Vsevolod Pudovkin ya ba da labari, an yi shi ne da fuskar Ivan Mozzhukhin, babban jarumin finafinan Rasha na zamanin sarauta. Aka zaɓi guntun da fuskarsa ba ta nuna komai, ba fara'a ba ɓacin rai. Aka haɗa shi da farantin miya a kan tebur, sannan da akwatin gawa da wata mata a kwance ciki, sannan da wata yarinya tana wasa da 'yar tsana. A cewar Pudovkin, 'yan kallo sun yi ta yabon gwanintar jarumin: zurfin tunaninsa a gaban miya, baƙin cikinsa a gaban gawa, da ɗan murmushin da ya yi wa yarinya. Alhali guntu ɗaya aka maimaita musu sau uku.

Me ya sa haka ke faruwa? Mutum ya saba, idan ya ga wani ya ƙura wa wani wuri ido, shi ma sai ya waiga ya ga abin da ake kallo. Mai tacewa yana yi masa wannan waigen ne da yanka. Da zarar hoto na biyu ya biyo bayan ido mai kallo, zuciya ta yanke cewa abin da mutumin ke gani ke nan, ko da an ɗauki hotunan biyu a garuruwa daban, a shekaru daban. Daga nan sai ta ci gaba: wanda ke kallon gawa, ai baƙin ciki yake yi. Sai ta koma ta karanta baƙin cikin a fuskar da babu shi.

Kuleshov ya gwada wannan da wuri ma. Ya ɗauki namiji da mace suna tafiya a unguwanni daban na Mosko, ya haɗa su kamar sun gamu, suka ɗaga kai suna kallo, sai ya sa hoton fadar White House ta Washington. 'Yan kallo suka karɓe shi a matsayin wuri guda.

Sai dai labarin yana da gyara, kuma yawancin masu ba da shi ba sa faɗa. Asalin fim ɗin gwajin ya ɓace, kuma bayanan Kuleshov da na Pudovkin ba su yi daidai ba a kan hotunan da aka yi amfani da su. A 1992 wasu masana biyu a Amurka, Stephen Prince da Wayne Hensley, suka sake gwajin da wani ɗan wasa, sai mafi yawan 'yan kallonsu suka ce ba su ga wani yanayi a fuskar ba. Binciken da Daniel Barratt da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 kuwa ya samu tasirin. Abin da mai hankali zai ɗauka daga nan shi ne dabarar gaskiya ce, amma ba ta aiki sai da sharuɗɗa.

Na farko, fuskar ta bar wa ɗan kallo wurin cikewa. Idan jarumi ya riga ya fashe da kuka, farantin miya ba zai mai da kukan yunwa ba, sai dai a yi dariya. Na biyu, ido da abin kallo su yarda da juna. Wanda ya sunkuyar da kai ƙasa, a nuna masa abin da aka ɗauka daga sama. Idan fuskar tana cikin hasken rana tsaka, hoto na biyu kuwa da hasken fitila, ɗan kallo zai ji an tsallaka wani wuri, igiyar ta tsinke. Na uku shi ne komawa kan fuskar, domin a wannan guntu na uku ne ake yanke wa mutum hukunci. Shi ya sa Hitchcock ya gina kusan dukkan fim ɗinsa Rear Window na 1954 a kan wannan jeri: James Stewart a keken marasa lafiya yana leƙe ta taga, abin da ya hango, sannan fuskarsa.

Akwai kuma iyakar da ɗan kallo ke zuwa da ita daga gida. A fim ɗin Sergei Eisenstein na 1925 mai labarin yajin aiki, ya haɗa hoton sojoji suna kashe ma'aikata da hoton yanka bijimi a mayanka, don a fahimci an yi wa mutane yankan dabbobi. Daga baya shi da kansa ya lura cewa ma'aikatan da suka saba da mayanka bai girgiza su ba, domin jinin sa a wurinsu harkar nama ce kawai. Daraktan Kannywood da ya sa hoton yanka rago don ya tsorata mutane zai iya samun irin wannan sakamako, wasu ma Babbar Salla za su tuna.

Yau ba a buƙatar almakashi da gam, wayar hannu ta isa. Idan aka turo maka bidiyon da wani ke jawabi, aka yanka zuwa jama'a suna dariya ko suna ficewa, ka duba ko akwai hoto guda da ya nuna mai maganar da jama'ar tare, ka kuma kwatanta haske da bangon wurin. In babu wannan hoton, ba ka da shaidar cewa maganarsa ce ta sa su dariya.