KUMBURIN ƘAFA DA HAKI: LABARIN WANI TSOHON MANOMI

Akwai wani tsoho a Unguwar Sanusi, cikin Kaduna, mai noman lambu a bakin kogi. Da shi ƙaƙƙarfa ne, amma sai ga shi ko masallaci ya tafi sai ya tsaya a hanya yana haki. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wasu suka ce fuka ce, wasu suka ce sammu ya taka a gona. Ana shirin kiran wanzami ya yi masa tsaga, sai ɗansa ya kai shi ɗakin shan magani.

Bayan sun gaisa, malamin asibiti ya ce, "Baba, yaya ka ke kwana?"

Tsoho ya ce, "A zaune, yaro. In na miƙe a gado sai in ji kamar an shaƙe ni. Wani lokaci cikin dare sai in farka da tari, in fita waje neman iska."

Malamin ya danna ƙwaurin tsoho da babban yatsa, ya ɗan jima, kana ya ɗaga. Sai wurin ya lotsa kamar an danna tuwo. Ya danna ɗaya ƙafar, ita ma haka. Ya saurari bayansa, ya auna jininsa, ya sami 170 bisa 100, alhali ana so ya kasance ƙasa da 140 bisa 90. Ya ce, "Baba, ciwon nan daga zuciya ya ke."

Tsoho ya yi dariya, ya ce, "Ina ƙafa, ina zuciya? Ni ƙirjina ba ya ciwo."

Malamin ya ce, "Zuciya kamar injin ban ruwa ta ke. Tana karɓar jini, tana tura shi ko'ina cikin jiki. Ka daɗe da hawan jini ba ka sani ba, gama shi ba ya sallama. Shekara da shekaru tana turi da ƙyar, har ta gaji. Yanzu jinin da ke komowa gare ta ba ta iya kwashe shi duka, sai ya taru a baya, ruwan cikinsa ya riƙa tsattsafowa daga jijiyoyi. To, Baba, in ruwa ya yi yawa a gona, ina ya kan kwanta?"

Tsoho ya ce, "A kwari mana."

Ya ce, "Madalla. In kana tsaye, ƙafa ita ce kwarin jiki, shi ya sa kumburin ya fi yawa da yamma. In ka kwanta kuwa, ruwan nan sai ya koma wajen ƙirji ya cika huhu, iska ta rasa wurin shiga. Kumburi da haki uwarsu ɗaya. Tsaga ba ta fitar da ruwan nan, sai dai ta bar maka gyambo."

Ya rubuta masa takarda zuwa Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada. Can likita ya sa aka ɗauki hoton ƙirji, aka auna jini da fitsari don a duba ƙoda, gama ciwon ƙoda ma yana kawo kumburi, ko da ya ke shi ya kan nuna a fuska da safe. Aka ba shi ƙwayar fitar da ruwa ta sha da safe, da magungunan da ke rage wa zuciya kaya.

Malamin ya kuma kira uwargida, ya ce, "Iya, gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Kada abin da Baba zai ci a yini ya kai ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da na dunƙulen miya. Kanwa kuma a daina sa masa ita. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura yawan kunun kanwa yana da hannu cikin ciwon zuciyar masu jego."

Bayan mako biyu kumburi ya saɓe, tsoho ya koma kwana da matashi ɗaya. Ya ce, "To, na warke, sai in bar magani?"

Malamin ya ce, "A'a, Baba. Ruwa aka kwashe, amma zuciyar tana nan da rauninta. In ka bar magani ruwan zai komo."

KU TUNA

1. Kumburin ƙafa biyu mai lotsawa, tare da haki, a kai shi asibiti da wuri.
2. Kada mai ciwon nan ya sha maganin ciwon jiki na 'yan talla, gama da yawansu suna hana ƙoda fitar da ruwa.
3. In nauyinsa ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ya ke taruwa, a koma wurin likita.
4. In yana haki a zaune, ko tarinsa na fitar da kumfa, a jingine shi zaune a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.